"Ya ci amanata": takardar gargaɗi ga dila mai jinkirin kaya

Sani mai shago, Garwa: Dilan da ke turo min fulawa daga Ngaoundéré ya ci amanata. Sau uku yana latti, yanzu buhu 40 sun haura kwana 12, ga kafin alƙalamina sefa 300,000 a hannunsa. Takarda zan rubuta masa, me zan sa?

Malam Buba: Fara cire "cin amana". Ajiya ka ba shi? Wannan saɓa alkawari ne. Zagi a takarda shi zai fara nuna wa alƙali.

Hajiya Ladi: Kuɗin mutum a hannunka ba amana ba ne, Malam? To mene ne?

Malam Buba: Bashi ne, Hajiya. Sani, oda ukun nan ka jera su ɗaya bayan ɗaya: lambar rasit, yawan buhu, ranar da kuka yi da shi, ranar da mota ta sauke. Sai ka ba shi wa'adi da kwanan wata, kwana 8 daga ranar da takarda ta shiga hannunsa. Kada ka ce "da gaggawa", ba a ƙirga gaggawa. Ƙarshe ka faɗi abin da zai biyo baya: in wa'adi ya cika babu kaya, za ka nemi a warware cinikin a dawo da 300,000 ɗinka. Da Faransanci, kwafi biyu, ya sa hannu da kwanan wata a naka. In ya ƙi karɓa, ma'aikacin shari'a mai kai sammaci ya kai masa.

Ɗanjuma: Ɓata tawada. In babu yarjejeniya a rubuce, babu magana.

Malam Buba: A dokar OHADA, wato dokar kasuwanci da Kamaru ke bi, ciniki tsakanin 'yan kasuwa ba dole sai a rubuce ba, rasit da saƙon waya hujja ne. Inda kake da gaskiya: in ranar kawowa da baki aka yanka, tabbatar da ita aiki ne. Kuma latti biyun farko, in Sani ya karɓi kaya bai ce uffan ba, dila zai ce ai an saba haka.

Ɗanjuma: Ku kun taɓa bin hanyar Ngaoundéré da damina? Gangaren dutsen nan kaɗai ya isa ya kwantar da tirela.

Hajiya Ladi: An zo wurin. Ɗan'uwan direbobi ya yi magana. Damina ce ta hana shi ɗaga waya?

Ɗanjuma: Hajiya, a bar zancen dangi.

Isiyaku: Ni dai Sani ya riƙe kuɗin odar baya, shi ke nan.

Malam Buba: Kayan da ya karɓa ya sayar? Sai laifi ya dawo kansa.

Hajiya Ladi: To na taƙaita muku: kowa ya yarda amana aka ci, ban da mai kare motoci. Sani, rubuta ranakun da Malam ya ce, amma kalmar nan ka bar ta a layin farko.