Jeren hotunan tallar gida: wanne kuke sawa farko?

Dillalin Zariya: Salamu alaikum 'yan uwa. An ba ni wani gida a unguwar Ali Ɗan Sofo da ke nan Maradi in nemo masa mai saye, fili mita 20 sau 20, ɗaki uku da falo. Na jera hotuna goma sha biyu a Instagram, ƙofar gida a farko, lambata a ƙarshe. Masu kallo da yawa, amma kira shiru. Ku yaya kuke jera naku?

Hajiya mai gidajen haya: Ƙanena, ƙofar ƙarfe kowa yana da ita a Maradi, ba ta tsayar da yatsa. Ni tsakar gida nake sawa farko, in ɗauke ta da hantsi daga kusurwa yadda ɗakunan za su fito tare, in rubuta unguwa da kuɗi a kai. Na biyu shi ne na bayani: girman fili, yawan ɗakuna, akwai ruwan famfo, akwai mitar wutar Nijelek, sai takardar gida. Daga nan in bi gidan yadda baƙo zai shiga: falo, ɗakuna, madafa, makewayi, sannan layin. Bakwai ko takwas sun isa. Dalilin gabatar da bayani, mutane da yawa ba sa kaiwa hoto na biyar, balle na sha biyu inda ka ɓoye lambarka.

Baban Sani: Hajiya, ban yarda da rubuta kuɗi ba. Ka sa miliyan 20, mai 17 ya wuce, alhali da ya kira sai a daidaita.

Hajiya mai gidajen haya: Da ba na rubutawa, wuni nake amsa "nawa ne?" Yanzu na ƙara "akwai ciniki", shi ke nan.

Malamin makaranta: Ni mai saye ne. Takarda nake fara dubawa: ta rabon fili ce daga ma'aikatar magajin gari, ko titir fonsiye, wato cikakkiyar takardar mallaka ta gwamnati, ko shaidar mai unguwa kawai? Ku rubuta sunanta, amma don Allah kada ku ɗora hotonta da sunan mai gida a jiki. Na taɓa zuwa ganin gidan da ya yi kyau a hoto, da damina layin tafki ne. Hoton layin haƙƙin mai saye ne.

Ɗan Sabon Gari: Ni a sitatus na WhatsApp nake zubawa, an fi kira.

Dillalin Zariya: Can masu lambata ne kaɗai ke gani, baƙi nake nema.

Mai ɗaukar hoto: Yallaɓai, duba siffar hotunan. Yawanci suna bin ta na farkon ne, in ka haɗa na tsaye da na kwance sai a yanke gefe, har lambar ta rasa wani sashe. Yi su duka 1080 sau 1350, rubutu a tsakiya. Lambar da ke cikin hoto kuma ba ta dannuwa, sai an kwafa da hannu. Sa ta da manyan baƙaƙe da +227 saboda 'yan Katsina da Jibiya, ka maimaita ta ƙanana a hoto na biyu.

Baban Sani: Wannan na ɗauka. Kuɗin dai ba zan rubuta ba, masu gidan ma ba sa so maƙwabta su sani.