Ƙwai babu kwanan wata: gwajin ruwa ya isa?

Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. An kawo mini kiret ɗaya na ƙwai, babu kwanan wata a jiki. Na zuba su a ruwa: 21 sun kwanta a ƙasa, 7 sun tsaya da tsininsu, 2 sun taso sama. Wanne zan ci, wanne zan zubar?

Mai kiwon kaji: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ruwan nan tsufan ƙwai yake gaya miki, ba lafiyarsa ba. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma a gefensa mai faɗi akwai ɗan gurbin iska. Kullum danshin ciki yana fita ta ƙofofin, gurbin yana ƙara girma, ƙwan yana rage nauyi. Shi ya sa sabo yake kwanciya, wanda ya kwana biyu ya ɗaga gindi, tsoho ya tsaya cak, daga ƙarshe ya taso.

To, 21 ɗin nan sababbi ne. Guda 7 da suka tsaya ki fara da su yau da gobe, kuma dafawa ta fi dacewa da su, don tsohon ƙwai ya fi sabo sauƙin ɓarewa. Biyun da suka taso kuwa, ki fasa kowanne shi kaɗai a faranti kafin ki yanke hukunci. Matsalar ɗaya ita ce kin jiƙa kiret ɗin gaba ɗaya. Akwai wani siririn rufi da kaza take shafe ɓawon da shi, mai toshe ƙofofin nan, ruwa kuma yana wanke shi. Ki tsane su sarai, ki sa a firji, kada su koma ajiyar waje. Nan gaba wanda za ki dafa a lokacin kaɗai za ki gwada.

Wata 'yar uwa: Ni dai duk wanda ya taso baragurbi ne, ba na ɓata lokaci. Wanda ya nutse kuma lafiya lau, ko ɗanye za a iya sha.

Ma'aikacin duba abinci: Hajiya, zubar da mai tasowa ba laifi, asarar ƙwai biyu ce. Amma maganarki ta biyu akwai haɗari. Ƙwayar cutar salmonela tana iya kasancewa cikin ƙwan da aka saka jiya, ba ta canja nauyi, ba ta wari, ba ta canja launi. Wuta ce kaɗai maganinta: a dafa har fari da gwaiduwa su daskare, musamman in yara ƙanana, mai ciki ko tsofaffi za su ci. Sannan ƙwai mai ɗan tsagu zai iya lalacewa tun yana nutsewa. Bushewar iska da zafi ma suna sa ƙwai ya taso da wuri, yayin da a wuri mai danshi zai daɗe yana nutsewa alhali ya tsufa, don haka ba a ƙirga kwanaki da wannan gwajin.

Wani ɗan uwa: Ba gishiri ake zubawa a ruwan ba? Haka na ga ana yi.

Mai kiwon kaji: A'a malam, gishiri yana ƙara wa ruwa nauyi, sai sabon ƙwai ma ya taso. Ruwa zalla, a kwano mai zurfin da zai shanye ƙwan da kamar yatsa uku.

In ba a son jiƙawa, a shiga ɗaki mai duhu a manna tocilar waya a gefen mai faɗi. Gurbin iskar zai fito kamar ɗan da'ira. A sabon ƙwai zurfinsa bai wuce milimita 3 ba. In ya haura 6, ya fara tsufa. Hasken yana kuma tona tsagun da ido bai gani ba.

Ma'aikacin duba abinci: Faranti ne alƙali na ƙarshe. Sabon ƙwai gwaiduwarsa tana tsaye a dunƙule, farin mai kauri ya kewaye ta. In farin ya yi hazo-hazo, alamar sabunta ce, ba lalacewa ba. Tsoho farinsa yakan malale kamar ruwa, gwaiduwar ta baje ko ta fashe da kanta. In babu wari, ana ci bayan an dafa sosai. Ɗigon jini da farin zaren nan da ke riƙe gwaiduwa ba komai ba ne. Amma in kin ji ɗoyi, ko farin ya koma kore, ruwan hoda ko baƙi, ki zubar, ki wanke farantin da sabulu.

Wata 'yar uwa: To girgizawa a kunne fa? Iyayenmu da ita suke ganewa.

Mai kiwon kaji: Tana kama wanda ya tsufa ƙwarai, za ki ji yana kaɗawa. Na tsaka-tsaki shiru yake yi, shi ya sa ban dogara da ita ba.

Ma'aikacin duba abinci: Mai tambaya, ki rubuta ranar yau a jikin kiret ɗin, ki jera su tsini a ƙasa, a can cikin firji ba a ƙofa ba. Tunda ba ki san ranar da aka saka su ba, kuma sun taɓa ruwa, ni zan ce kada su wuce mako biyu.

Mai kiwon kaji: Waɗanda suka kwanta sosai za su kai mako uku a firji mai sanyin digiri 4, in wuta ba ta ɗaukewa.