Python ta ƙi buga min ko layin farko, wa ya taɓa ganin haka?

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum jama'a. A ajin da nake koyon kod an ce mana kwamfaila yana ɗaukar firogiram gaba ɗaya ya mayar da shi yaren na'ura kafin a kunna, shi kuma intafirita layi-layi yake bi, kuma wai Python intafirita ce. To ga abin da na rubuta:

```python
kudi = 500
print("an fara")
print(kudii)
```

Ta buga "an fara" sannan ta tsaya da `NameError: name 'kudii' is not defined`, wannan na yarda. Amma da na gyara sunan na bar layin ƙarshe a `print(kudi` ba a rufe ba, ko "an fara" ɗin ba ta fito ba, sai `SyntaxError` kawai. In da gaske layi-layi take bi, ya aka yi ta san akwai matsala a layi na uku tun ba ta yi na biyu ba? Don Allah duk wanda ya taɓa haɗuwa da irin wannan ya faɗa mana.

'Yar Barnawa: Wa'alaikumus salam. Ni da C na fara, a can kam duka biyun ba za su wuce ba, `gcc` zai ce maka `'kudii' undeclared` kuma ko fayil ɗin da za ka kunna ba zai fitar maka ba. Ina ga Python tana leƙa fayil ɗin ne sama-sama ta duba ko an rufe baka da sauransu, sai ta dawo ta bi rubutun layi-layi.

Baban Yara na Unguwar Rimi: 'Yar'uwa kin kusa, amma ba ta komawa kan rubutun. Ƙanena, Python ɗin da yawancinmu muke saukewa, wato CPython, aiki biyu take yi in ka danna. Da farko akwai kwamfaila a cikinta, yana karanta fayil ɗin tun daga sama har ƙasa ya mayar da shi baitkod. Baitkod ƙananan umarni ne irin ɗauko wannan, ajiye wancan, haɗa su, kira wannan, amma furosesan laftof ɗinka bai san su ba, an yi su ne don wata na'ura ta manhaja da ke cikin Python kanta. Sai bayan an gama wannan ne intafirita yake bin umarnin ɗaya bayan ɗaya.

To bakan da ba ka rufe ba, a mataki na farko aka kama shi, kwamfailan ya kasa gane jimlar balle ya fitar da baitkod, tunda babu baitkod babu abin da za a kunna, shi ya sa allon ya zauna wayam. Shi kuwa `kudii` jimla ce lafiyayya, kwamfailan ya rubuta umarnin "nemo abin da ake kira kudii" ya wuce abinsa, sai da intafirita ya iso wurin ya nema ya rasa, lokacin kuma ya riga ya buga maka "an fara". Ka gani da idonka, ka mayar da layin ƙarshe `print(kudii)`, ka ajiye fayil ɗin da sunan `gwaji.py`, sai ka rubuta:

```
python -m dis gwaji.py
```

Za ka ga `LOAD_NAME` da `kudii` a gefensa, ba ko ƙorafi. Ni da wannan nake gane inda zan nemi matsala: in ba abin da ya fito sam kuma `SyntaxError` ce, tun wajen fassara aka tsaya, in wani abu ya fito kafin erar to an riga an shiga gudu.

Ɗan Rigasa: Ikon Allah, na gwada Yaya, ga shi nan kuwa. Na gode ƙwarai.

Mai Gyaran Waya, Kasuwar Bacci: Tunda ana maganar, ni wata folda ce take fito min da kanta, `__pycache__`, in na goge ta dawo. Laftof ɗin na hannu na saya, ba bairos ba ne kuwa?

Baban Yara na Unguwar Rimi: Kwantar da hankalinka maigida, baitkod ɗin ne aka ajiye. In fayil ɗinka ya yi `import lissafi`, Python tana adana fassarar a `lissafi.cpython-311.pyc` don kar ta sake wahalar gobe, 311 ɗin na nufin Python 3.11. In ka taɓa `lissafi.py` za ta lura ta sake fassarawa. Fayil ɗin da ka kunna kai tsaye ba a ajiye masa, shi ya sa Ɗan Rigasa bai ga foldar ba. Gogewa ba ya ɓata komai.

Ɗan Kakuri: Nawa labarin na Java ne, kuma ya ci min rai sosai don ranar nuna furojet ne. Na yi `javac` a laftof ɗina mai Java 17, na kwashe fayilolin `.class` a filash na kai wata kwamfuta, ai an ce Java ko'ina tana gudu, ina kunnawa sai `UnsupportedClassVersionError`, wai fayil ɗina 61.0 ne ita kuma iyakarta 52.0, ashe Java 8 ce a kanta. Da na sake da `javac --release 8` ta tashi lafiya. Wato baitkod bai damu da Windows ko Linux ba amma ya damu da shekarun JVM ɗin da zai karanta shi, wato na'urar manhaja ta Java, sabuwa tana karanta na tsohuwa, tsohuwa ba ta karanta na sabuwa.

Amma Baba ga inda na tsaya, Java ma baitkod take fitarwa, kuma in na rubuta `kudii` tun a `javac` za ta ce `cannot find symbol`. Me ya hana Python yin haka?

Baban Yara na Unguwar Rimi: Wannan dokar yaren ce. Java tana tilasta maka ka bayyana kowane suna da irinsa tun farko, don haka kwamfailanta yana da abin dubawa. A Python suna yana iya samuwa ana tsakiyar gudu, misali `from lissafi import *` zai iya shigo da `kudii` ɗin, to kwamfailan ba shi da hurumin cewa babu shi.

'Yar Barnawa: Naka da sauƙi Ɗan Kakuri. Ni firogiram ɗin C na haɗa a laftof mai Linux na kwafa zuwa Raspberry Pi, ita ma Linux ce fa, sai `Exec format error`. Laftof ɗin x86 ne, Pi kuma ARM, abin da `gcc` ya fitar umarnin furosesan laftof ne zalla, dole na ɗauki kod ɗin na sake haɗa shi a kan Pi ɗin. Fayil ɗin Python kuwa da na kwafa tare da shi tashi ɗaya ya yi aiki. Sai dai wajen sauri ba a haɗa su, madauki mai yawan lissafi da C ke gamawa kafin ka ɗaga kai, Python sai ka zauna jira.

Ɗan Kakuri: Java ba ta jan ƙafa haka Anti, tana da JIT, in JVM ya ga wani yanki ana ta maimaita shi sai ya mayar da baitkod ɗin wurin yaren na'ura ana cikin gudu. Shi ya sa ni a wurina Java kwamfaila ce, Python intafirita, magana ta ƙare.

Baban Yara na Unguwar Rimi: Ban yarda ta ƙare ba. JVM ma da intafirita yake fara bin baitkod kafin JIT ya shigo, kuma akwai PyPy da ke gudanar da Python ɗin nan da JIT, ita CPython ma ta sa na gwaji a 3.13 da ta fito a 2024. Manhajar da ke gudanar da yaren ya kamata a tambaya me take yi.

Ɗan Rigasa: To Yaya in an tambaye mu a jarabawa, Python kwamfaila ce ko intafirita, layi ɗaya aka bari na amsa, me zan rubuta? Malaminmu intafirita yake so ya gani.

'Yar Barnawa: Rubuta masa intafirita, ka ƙara da cewa sai ta mayar da kod baitkod tukuna. In ya ja da kai ka buɗe laftof ka nuna masa layuka ukun nan naka da `dis`.