Wace kalma za mu sa wa "sekan difarens"?

Malamar lissafi, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Jiya na rubuta wa ɗalibaina 4, 9, 18, 31, 48 a allo, na ce su nemo ƙa'idar jerin. Sun fitar da abin da ke tsakanin lambobin: 5, 9, 13, 17. Wannan "tazara" muke ce masa, ba gardama. Da muka sake debewa sai muka samu 4, 4, 4, wato abin da littafi ke kira sekan difarens. Na ce musu "tazara ta biyu", sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai tazara ta biyu 9 ce." Kuma wallahi ta fi ni gaskiya, don in ka ƙirga daga hagu, 9 ce ta biyu. Ku taimaka min da kalma.

Ɗan Kawo: Ku ce tazarce kawai, tunda tana ci gaba ba ta sauka.

Malamar lissafi: Kai dai ba ka rabo da siyasa.

Ɗalibin kimiyya, Unguwar Rimi: Malama, ni "bambancin bambanci" nake cewa. Kuma aikin ba wuya, tunda 4 ta fito, ƙa'idar za ta fara da 4n².

Tsohon malami, Unguwar Sarki: Yaro, ka kama hanya amma ka yi tuntuɓe. Gwada 4n² ɗin naka: 4, 16, 36, 64. Tazararsu 12, 20, 28, na ƙasa kuma 8, 8. Ka ga ya ninka abin da ake nema. Dalili shi ne n² ita kaɗai, wato 1, 4, 9, 16, tazararta 3, 5, 7 ce, kullum tana ƙaruwa da 2. Kowace n² ɗaya da 2 take zuwa, shi ya sa ake raba abin da ya fito gida biyu. Rabin 4 shi ne 2, saboda haka 2n² za a fara da ita: 2, 8, 18, 32, 50. Debe su daga jerin Malama ɗaya bayan ɗaya, za a bar ka da 2, 1, 0, −1, −2. Wannan saura yana raguwa da ɗai-ɗai, kuma da an koma baya taki ɗaya 3 za a tarar, wato 3 − n ke nan. Ƙa'idar ita ce 2n² − n + 3. Sa 6 a ciki ka samu 69, sannan ka duba ta ɗaya hanyar: 17 da 4 sun ba da 21, 48 da 21 kuma 69.

Batun kalma, ni "ratar rata" na fi so. "Bambanci" ya yi faɗi, ko tsakanin akuya da tunkiya akwai shi.

Mai sayar da siminti, Kakuri: Ban yi boko mai zurfi ba, amma in ina jera buhuna kamar dala, layin sama 1, na ƙasansa 2, sai 3, jimillar takan tafi 1, 3, 6, 10, 15. Na gwada naku, 1, 1, 1 ya ba ni. To rabin 1 fa, Baba? Ba a sayar da rabin buhu a shagona.

Tsohon malami: Alhaji, rabin ba ya taɓa buhunanka. Ƙa'idarka n(n + 1)/2 ce, kuma cikin lambobi biyu maƙwabta dole ɗaya ta rabu biyu cif. Layi 10 buhu 55 ne.

Wata uwa, Barnawa: Me zai hana a bi ta dangi? Jerin shi ne uwa, tazara 'ya, ta ƙasanta jika. In an sake debewa, tattaɓa-kunne. Ba yaron da zai ɗauka 9 ce jika.

Malamar lissafi: Hajiya, wannan ta shige ni! Ratar rata tana da daɗi, amma in aka kai layi na uku sai mu ce ratar ratar rata, yara su yi ta dariya.

Ɗalibin kimiyya: To sai a ce jika ita ce lambar nan da ba ta canzawa?

Tsohon malami: A'a, sunan na layin ne, ko ya daidaita ko bai daidaita ba. Ɗauki 2, 3, 5, 9, 17. Tazara 1, 2, 4, 8, jika 1, 2, 4. Ko ka kai tattaɓa-kunne ba za ta tsaya ba, domin ninkawa take yi, kuma n² ba ta da aiki a nan. Ka kuma kiyayi yanke hukunci da lamba uku: 1, 2, 4 jika ɗaya tak suke bayarwa, mai biye musu tana iya zama 7, tana iya zama 8. Amma Hajiya, jikar tana da sauran gyara. Kowace tazara daga lamba biyu ta fito, ke kuwa uwa ɗaya kika ba ta. A rubuce ni dai ratar rata zan ci gaba da sawa.

Malamar lissafi: Baba, ranar Litinin zan rubuta duka biyun a allo, in ga wadda za su riƙe zuwa Juma'a.