Neman kalma: me za mu kira domicile fiscal da Hausa?

Ɗan Marwa: Assalamu alaikum. Ina fassara wa 'yan kasuwarmu bayanin haraji, na cije a kan kalmar Faransanci domicile fiscal, wato ƙasar da doka ta ɗauki mutum a matsayin mai biyan harajinta. Na sa "gidan haraji", sai wani ya tambaye ni ko ofis nake nufi.

Hajiya ta Garwa: Ai da gaskiyarsa, ƙanena, gidan haraji can ne inda ake kai kuɗi. Ka sa "ƙasar kwana" mana. Wanda ya wuce kwana 183 a shekara cikin Kamaru, Kamaru zai biya.

Malam na Ngaundare: Hajiya, kin kamo reshe ɗaya. Dokar harajin Kamaru ƙofa uku ta buɗe, kowace ka shiga an kama ka: gidanka ko yawancin zamanka yana nan, ko nan kake sana'arka ta ainihi, ko nan ne cibiyar dukiyarka da harkokinka. Ƙidayar kwana auna yawan zama kawai take yi. Wanda aka kama kuwa, ana duba duk abin da ya samu, har na waje, sai fa abin da yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasashe ta cire. Ni "mazaunin haraji" na fi so.

Alhaji na Kuseri: Ni katina na Kamaru ne, kenan ba ruwana da Chadi? Iyalina suna Kuseri, shagona yana Njamena, na kama ɗaki can saboda ba kullum nake tsallako gadar Ngeli ba.

Malam na Ngaundare: Alhaji, kati ba shi ke yanke hukunci ba. Ko da kwanakinka a Kuseri ba su kai 183 ba, Kamaru za ta ce kai nata ne, tunda matarka da yara suna nan. Chadi ma tana iya cewa haka saboda shago da ɗakin. Ƙasashen biyu suna cikin Semak, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, akwai yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu a tsakaninsu. Irin waɗannan yarjejeniyoyi yawanci bi da bi suke tambaya: ina gidan dindindin? In biyu ne, ina rayuwarka ta fi kafuwa, ta iyali da ta nema? Sannan inda ka saba zama, sai daga baya a dubi takardar ɗan ƙasa. Ɗakin da ka riƙe shekara da shekaru ana iya ƙirga shi gida, sai ka faɗa tambaya ta biyu, inda iyali ke ja nan, shago ke ja can. Ribar shagon dai Chadi ce ke da hakki a kanta ko ta yaya aka yanke. Ka adana takardar haya da rasit ɗin abin da ka biya can.

Hajiya ta Garwa: Na janye kwana. Amma Malam, mazauni mutum ne ko wuri? Duka biyu muke faɗa.

Ɗan Marwa: To in raba: ƙasa ta zama "matsugunin haraji", mutum kuma "mazaunin haraji"?

Alhaji na Kuseri: Matsuguni a kunnenmu na nan sansanin 'yan gudun hijira yake tunowa. A nemo wata, don Allah.