Neman kalma: hoton da aka turo ba rubutu, me ake kiran abin da ke fassara shi?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum malamai. Jibi da safe zan gabatar da shiri kan rashin fahimta a WhatsApp, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini, wadda Turawa ke kira "context". Ga misalin da zan karanta. Wata mata ta kai wa tela turmin atamfa, yadi 6. Ran Litinin ya rubuto mata cewa yadin ba zai isa riga da zani da ɗankwali har da rigar yarinya ba, ta ƙaro yadi 2. Ran Talata suka yi maganar kuɗin ɗinki. Ran Laraba sai ga hoton atamfa daga kasuwa, ko harafi babu. Tela ya gane nufinta: "Wannan ce irin tawa, in sayo?" Me zan kira abin da ya dogara da shi ya gane?

Malamar sakandare: Muhallin magana. Shi muke koya wa ɗalibai.

Ɗan jarida: Taken hoto mana, rubutun da ake sa wa a ƙasa.

Mai shirin rediyo: Yallaɓai, ai rashin taken ne ya kawo maganar.

Malamin Larabci: Abu biyu ne a nan, kada a haɗa su. Dukan hirar da ta gabata siyaƙi ce. Amma abin da ya nuna wa tela ma'ana saƙo ɗaya ne, na ran Litinin, kuma shi malaman fiƙihu za su kira ƙarina. Ku duba yadda ya yi. Hoton atamfa zai iya nufin in sayo, ko ɗinka mini irin wannan, ko kuwa talla ce. Sai ya koma baya ya nemi buƙatar da ba a rufe ba. Maganar kuɗi an gama ta, ta ƙarin yadi ce ke rataye. Sannan hoton yadi ne a ninke a rumfa, babu wanda ya sa shi a jiki, don haka zancen salon ɗinki ya faɗi.

Malamar sakandare: A takaice dai saƙon ƙarshe ake dubawa.

Malamin Larabci: A'a Malama. Da na ƙarshe ya bi, da ya ɗauka ciniki take nema. Wanda ke jiran amsa ake nema, ko da ya yi nisa.

Wani daga Damagaram: Siyaƙi, ƙarina, duk Larabci. Hausa ta ƙare ne? Ni na daɗe ina cewa *binsawu*. Mai kiwo na bin sawun dabba har ya iske ta, haka mai karatu ke bin sawun zance.

Malamar sakandare: Bin sawu aikin ne, mai shirin kuwa sunan abin da ake bi take nema.

Wani daga Damagaram: To sawun zance. Matsalar ita ce in kalma ba daga Kano ta fito ba, ba ku karɓa.

Ɗan jarida: Haba ɗan'uwa. Muhalli ma Larabci ne, hoto da waya kuwa daga Turanci muka aro. Tun ƙamusun Bargery na 1934 kalmomin aro cike suke.

Wani daga Damagaram: Aron da kakanni suka yi ya zauna. Na yau kasala ce.

Mai shagon kayan masarufi: Ni ku bar ni in faɗi nawa. Kullum ana turo mini hoton rasit ba magana. In mun yi ciniki a dubu 15 na ga dubu 15, na san nufinsa "na biya, aiko kaya". In na ga dubu 10, to ko kafin alƙalami ne, ko biyan tsohon bashi, hirar kuma ba ta rabe mini. Nan tambaya nake yi. Kuma gane nufinsa bai sa kuɗin sun shigo ba, sai na duba asusu.

Malamin Larabci: Alhaji ya kawo iyakar abin. In buƙatu biyu ne a buɗe, hasashe ya ƙare. Haka in cikin zauren mutane da yawa ne, zantuka sun sarƙe, ko an goge wani saƙo, ko an ƙarasa maganar ta kiran waya. Hajiya, ki gaya wa masu sauraro su duba ko hoton na ɗauke da alamar Forwarded, don wataƙila daga wata hira ya taso. Mai turawa kuma ya danna Reply a kan saƙon da yake amsawa.

Mai shirin rediyo: Na gode. Ƙarina ba za ta shiga kunnen mai sauraro a kasuwa ba, Malam, ka yi haƙuri. Muhalli kuma a rediyo da tsaftar gari da dashen itatuwa aka san shi. Zan ce "zancen da ya gabata", aikin kuma in kira shi bin sawun zance.

Malamar sakandare: Wannan bayani ne, ba kalma ba. A jarrabawa muhallin magana zan ci gaba da karɓa.

Wani daga Damagaram: A haɗe ake rubuta shi, *binsawu*.

Mai shirin rediyo: A rediyo ba a ganin rubutu, Malam. Wanda zai yi rubutun sai ku daidaita da shi.