Neman shawara: na kasa gane bambancin tsarin agatib da tsarin akuzatib

Maryam: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a sashen nazarin harshe, mun shiga darasin ginin jimla. Malaminmu ya ce akwai harsunan da ke bin tsarin nominatib da akuzatib, akwai masu bin tsarin agatib da absolutib. Na haddace sunayen amma ban gane komai ba. Don Allah wani ya bi da ni daki-daki, kuma Hausa a wane ɓangare take?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Maryam. Ajiye waɗannan manyan sunaye a gefe tukuna, ki ɗauki jimloli biyu kacal: "Audu ya zo" da "Audu ya kama Musa".

A ta farko aikatau ƙi-karɓau ne, mutum ɗaya ne a cikinta. A ta biyu aikatau so-karɓau ne, akwai wanda ya kama, akwai wanda aka kama. Kin ga gurabe uku ke nan. Masana suna yi musu laƙabi da haruffa: S shi ne mutum ɗayan nan na jimlar ƙi-karɓau, A shi ne mai yin aiki a jimlar so-karɓau, O kuma wanda aikin ya faɗa wa. R. M. W. Dixon ne ya yaɗa wannan laƙabi, musamman a maƙalarsa ta 1979 da littafinsa na 1994. Idan kin ga P a madadin O a wani littafin, abu ɗaya ake nufi.

Kowane harshe dole ya sami hanyar rarrabe A da O, in ba haka ba mai sauraro ba zai san wa ya kama wa ba. Shi kuwa S ba shi da abokin rikici, shi kaɗai ne a jimlarsa. Saboda haka harshe yana da zaɓi: ko ya ba S kamannin A, ko ya ba shi kamannin O. Duk darasin a kan wannan zaɓin yake.

Duba abin da Hausa ta yi. Muna cewa "ya zo", muna cewa "ya kama shi". Wakilin sunan nan "ya" ya tsaya wa S a ta farko, ya tsaya wa A a ta biyu, kuma a gaban aikatau duka biyun. O ne kaɗai ya fita daban: siffarsa "shi", mazauninsa bayan aikatau. To, S da A a ɗaki ɗaya, O shi kaɗai. Wannan shi ne tsarin nominatib da akuzatib, kuma nan Hausa take. Da a ce Hausa ɗaya tsarin take bi, da "ya kama shi" tana nan yadda take, amma a madadin "ya zo" sai mu ce "zo shi", domin mai zuwan zai ɗauki siffar wanda aka kama.

Yanzu ga harshen da ya yi hakan da gaske, harshen Basque na arewacin Sifaniya da kudu maso yammacin Faransa. A wurinsu gizona shi ne "mutumin", mutila kuma "yaron".

Gizona etorri da. Mutumin ya zo.
Mutila etorri da. Yaron ya zo.
Gizonak mutila ikusi du. Mutumin ya ga yaron.
Mutilak gizona ikusi du. Yaron ya ga mutumin.

Ki bi kalmar gizona da ido. Da ya zo, gizona ne. Da aka gan shi, gizona ne, ba a ƙara masa komai ba. Sai da ya zama mai gani sannan aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar -k. Wannan -k ita ce agatib, A kaɗai ke ɗaukar ta. Siffar da ba ta da ɗafi, wadda S da O suka yi tarayya a kai, ita ce absolutib.

Idan an ba ki bayanan wani harshe a jarrabawa, kada ki fara da jimlar so-karɓau. Nemo ta ƙi-karɓau, ki ga yadda S yake, sannan ki duba wa ya yi kama da shi a ɗaya jimlar. In A ne, akuzatib. In O ne, agatib.

Ustaz Kabiru: Malam Sani ya yi bayani, Allah ya saka. Mu da muka yi nahawu abin bai yi mana nisa ba. "Ja'a Zaidun", wato Zaidu ya zo, Zaidu fa'ili ne, mai aiki, an yi masa rufu'a, -un ɗin nan ta ƙarshen sunan. "Daraba Zaidun Amran", wato Zaidu ya doki Amru, Zaidu na nan da rufu'arsa, Amru maf'uli ne, wanda aikin ya faɗa wa, ya ɗauki nasaba, -an ɗin ƙarshen sunansa. Ashe Larabci da Hausa hanyarsu ɗaya. Amma ni a ganina wannan agatib ɗin ba wani abu ba ne illa na'ibul fa'ili, wato wanda aikin ya faɗa wa ya hau gurbin mai aiki. Idan ka ce "duriba Amrun", wato an doki Amru, wanda aka doka ya ɗauki rufu'a irin ta wanda ya zo. Ga S da O sun zama ɗaya. Ina ga Basque ɗin nan "an ga yaron ta hannun mutumin" suke cewa kullum.

Malam Sani: Ustaz, kashin farko na maganarka daidai ne, kuma misalinka ya fi nawa fitowa fili, tunda Larabci a jikin sunan yake sa alamar. Kashi na biyun kuma ba kai ka fara faɗa ba, masanin harshe Hugo Schuchardt ya yi wa Basque irin wannan fassarar a ƙarshen ƙarni na 19. Amma an bar ta, kuma ga dalili. A "duriba Amrun" an sauya ginin aikatau daga daraba, an kuma share mai dukan gaba ɗaya, kuma jimlar asali tana nan a gefe wadda aka juyo ta daga gare ta. A Basque babu wata jimlar asali da aka juya, Gizonak mutila ikusi du ita ce maganar yau da kullum. Kuma mai ganin bai koma gefe ba, aikatau yana bin sa. Idan masu ganin suna da yawa sai a ce Gizonek mutila ikusi dute, ka ga du ta koma dute saboda su. Wanda aka tura gefe ba ya juya aikatau haka.

Bala: To ai mu ma muna da shi a Hausa. "Audu ya fasa tulu", "tulu ya fashe". "Ta gyara mota", "mota ta gyaru". Tulun da yake karɓau ya dawo gaba. An taɓa ce mana irin waɗannan aikatau agatib ne sunansu.

Hajiya Rabi: Bala, ɗana, nan ne ɗalibai ke zamewa kowace shekara, na koyar da darasin nan na ga haka. Gaskiya ne wasu littattafai suna kiran irin wannan aikatau da sunan, amma magana biyu ce daban. Duba jimlarka da kyau. Da tulun ya dawo gaba, me ya biyo shi? "Ya" ce, irin wadda ta biyo Audu. Ka cire sunan ka sa wakilinsa: "ya fasa shi", "ya fashe". Tulun ya bar siffar "shi" ya ɗauki siffar mai aiki. Wato misalinka ma shaida ce cewa Hausa akuzatib ce. Tambayar ba wai wane abu ne ya motsa daga baya zuwa gaba ba, tambayar ita ce wace alama S ke ɗauka.

Maryam, ki kuma kula da wani tarko a Basque ɗin, malamai na son sa shi a jarrabawa. Gizonak etorri dira tana nufin "mutanen sun zo". Wannan -ak ɗin jam'i ce ta absolutib, ba agatib ba ce, siffa ce kawai ta zo ɗaya. Kalmar ƙarshe ce za ta faɗa miki gaskiya: dira tana tafiya da ƙi-karɓau na jam'i, du kuwa da so-karɓau.

Hajara: Ni a Indiya na yi karatu, kuma sai yau na san sunan abin da ya wahalar da ni a harshen Hindi. Ana cewa larka aya, yaro ya zo. Ana cewa larka kitab parhta hai, yaro yana karanta littafi. Amma da zarar aikin ya kammala sai ka ji larke ne kitab parhi, yaro ya karanta littafi. Wannan "ne" ba ta zuwa da mai zuwa ko mai tafiya, sai da mai yi wa wani abu aiki, kuma sai aikin ya ƙare. Abin da ya fi ɗaure mini kai, aikatau ɗin ya daina bin yaron ya koma bin littafin: kitab mace ce a wurinsu, shi ya sa aka ce parhi. To Hindi wane ɓangare za a sa ta?

Malam Sani: Hajara, duka biyun. Rabin-da-rabi ce, kuma yawancin harsunan da ake kira agatib haka suke, da wuya ki sami wanda ya bi tsarin daga sama har ƙasa. A Hindi kammaluwar aiki ce ke raba su. A Dyirbal, harshen arewacin Queensland a Ostareliya wanda Dixon ya yi aiki a kai, rabon ta wani wajen ya bi: sunaye suna bin agatib, amma wakilan suna na "ni" da "kai" suna bin akuzatib.

Dyirbal ɗin yana da wani abin da ya fi wannan zurfi. Idan Bahaushe ya ce "Audu ya ga Musa ya koma", hankalinmu zai fi tafiya kan cewa Audu ne ya koma. A Dyirbal nguma uba ne, yabu uwa. Nguma yabunggu buran na nufin uwa ta ga uba, -nggu ita ce agatib. Idan aka ƙara banaganyu, wato komawa, ba tare da an ambaci kowa ba, to uban ne ya koma, wanda aka gani. Can tsarin ya wuce alamar da ke jikin suna, ya shiga yadda ake haɗa jimla da jimla. Basque da Hindi ba su kai nan ba, nasu ya fi tsayawa a alamomi.

Maryam: Na gode ƙwarai, yanzu hanya ta buɗe. Saura abu ɗaya. A jimlar Dyirbal ɗin nan, idan aka ce in ja layi a ƙarƙashin aikau, uwar zan ja wa ko uban?

Hajiya Rabi: 'Yata, kin taɓo inda masanan kansu ba su daidaita ba. Wasu sun ce uban ne, tunda shi ke riƙe da haɗin jimla. Dixon ya raba abin gida biyu: uwar ce aikau ta fuskar wanda ya yi aikin, uban kuma shi ne ginshiƙin da haɗin jimla ke juyawa a kansa. A takardar jarrabawa ki rubuta A da O, ki faɗi wanda ya yi tarayya da S da kuma ta wace fuska, alama ko haɗin jimla.

Ustaz Kabiru: Ni dai har yanzu ina da sauran magana kan Hindin Hajara. Aikatau ya bar mai karatu ya bi littafi, wannan ai ƙamshin na'ibul fa'ili ne.

Malam Sani: A tarihi kana da hujja, Ustaz, domin ginin ya samo asali ne daga wata tsohuwar siga ta Sanskrit, tsohon harshen Indiya, da ke bin karɓau, wadda da yawa ke ɗauka irin ta na'ibul fa'ili ce. Amma Hindin yau tana da nata ginin na'ibul fa'ilin daban, kitab parhi gai, an karanta littafi, kuma babu "ne" a cikinsa.